Yadda ɗalibi baƙo a Kumasi zai raba kuɗin samista su kai shi ƙarshe

Tambayar da iyaye da ɗalibai suka fi yi mana game da karatu a Kumasi ita ce, nawa ne zai ishi yaro a samista? Sau da yawa ba yawan kuɗin ne matsalar ba. Ɗalibai biyu za su zo daga Kano ko Maraɗi da kuɗi iri ɗaya, ɗaya ya gama jarrabawa da canjinsa a aljihu, ɗayan tun saura wata guda ya fara kiran gida. Bambancinsu shi ne abin da kowanne ya fara biya, da kuma yawan makonnin da ya raba sauran a kai. Don haka jerin matakan nan da muhimmanci, kada a tsallake ɗaya a koma masa daga baya.

Za mu bi misalin ɗalibi ɗaya har ƙarshe. Sabon shiga ne a KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, an biya masa kuɗin makaranta daban, an ba shi dala 2,000 na zama. Za mu lissafa dala ɗaya a kan sidi 12, kuɗin Ghana, wato yana da sidi 24,000. Wannan farashi da sauran alƙaluman kasafin misali ne don a ga yadda lissafin ke tafiya. Kai ka ɗauki biro ka sa naka na ranar da kake karantawa.

1. Mayar da kuɗin zuwa sidi, a takarda tukuna

Kuɗin da Baba ya faɗa maka a naira ko sefa ba su ne kuɗinka ba. Kuɗinka su ne abin da ya shiga hannunka a sidi bayan an cire na canji da na turawa. Kafin ka rubuta komai a kasafi, nemi wannan adadin.

Idan da dala ka zo, ka zaga wuraren canji masu lasisin Bankin Ghana biyu ko uku a Adum, cibiyar kasuwancin garin, kafin ka saki ko ɗaya. Allon da ke ƙofa yana da farashi biyu, na saye da na sayarwa, kuma ƙaramin shi ne naka tunda su ne za su sayi dalarka. Sidi ɗaya fesuwa 100 ne, kuma bambancin fesuwa 30 kacal a kan kowace dala, a dala 2,000, sidi 600 ne. Za ka ga nan gaba cewa wannan ya fi kuɗin cefanen mako biyu na ɗalibinmu. Takardun dala 100 da 50 sun fi ƙanana daraja a wurin canji, kuma mai yagewa ko tabo ko tsohon bugu ana iya ƙin karɓarta ko a karya mata farashi. A gaya wa mai haɗo kuɗin a gida tun kafin ka taso. Ka tafi da fasfo ɗinka, ka ƙirga a gaban mai canji, ka karɓi rasit.

Gargaɗi: za ka haɗu da masu canji na bakin titi, da yawansu da Hausa za su yi maka magana, farashinsu kuma ya ɗan fi daɗi. Doka ba ta amince da wannan canjin ba, kuma ranar da aka haɗa maka da jabu ko aka zare 'yan takardu a tsakiyar ɗauri, babu rasit ɗin da za ka nuna wa kowa.

Sai tambayar da ake yawan gardama a kai: a canza duka yanzu ko a riƙe dala? Masu cewa a riƙe suna tuna 2022, shekarar da dala ta tashi daga wajen sidi 6 a farkonta ta wuce 14 a watan Nuwamba. Amma a 2025 akasin haka aka gani, sidi ya yi ƙarfi, dala ta faɗo daga sama da 15 zuwa kusa da 10 cikin 'yan watanni, wanda ya ɓoye dala ya yi asara. Kai ɗalibi ne, ba ɗan canji ba. Abin da na ga ya fi kwanciyar hankali shi ne, duk abin da za ka biya a sidi cikin makonni masu zuwa, kamar haya da cefane, ka canza shi yanzu. Abin da farashinsa ke ɗaure da dala, da kuɗin komawa gida, da na ko-ta-kwana, ka bar su a dala.

2. Biya takardun zama

Kasancewarka ɗan ECOWAS ya ba ka damar shiga Ghana ba biza har kwana 90. Samista ta fi kwana 90. Saboda haka dole ne ka nemi izinin zama daga hukumar shige da fice ta Ghana, kuma kafin nan sai ka mallaki katin shaida na baƙi da hukumar NIA ke bayarwa. Kuɗin katin dala 120 ne a karon farko, sabuntawa kuma da nata kuɗin kowace shekara. A lissafinmu sidi 1,440 ke nan. Ga izinin zama da abin da ke biye da shi, hotuna da kwafin takardu da gwajin lafiya da zirga-zirga, ɗalibinmu ya ware sidi 1,500. Ainihin kuɗin izinin ka karɓo shi a rubuce daga ofishin kula da ɗaliban ƙasashen waje na makarantar a makonka na farko, domin ta wurinsu takardar gabatarwa ke fitowa.

Na sa wannan gaba da haya ne da gangan. Katin nan shi ne mabuɗin rajistar layin waya na dindindin da asusun banki, kuma ba tare da layi mai sunanka ba, MoMo ɗinka, wato asusun kuɗin da ke kan layin waya, ba naka ba ne. Wasu sabbin zuwa sukan karɓi layin da wani ɗan'uwa ya yi rajista da sunansa, su zuba kuɗin samista a ciki. Ranar da wayar ta ɓata ko aka toshe layin, sai mai sunan ya je da kansa, idan kuwa ya yi tafiya sai ka jira shi.

Wanda ya bar kwana 90 suka wuce bai nemi izini ba, tara ke jiransa, kuma tana ƙaruwa da yawan watannin da ya ƙara. Wannan kuɗi ne da ba ya saya maka komai.

3. Haya: nan ne rabin aikin yake

Abu na farko da ke ba sabon ɗalibi mamaki shi ne, hostal a kewayen KNUST, a Ayeduase da Kotei da Bomso da Kentinkrono, galibi kuɗin shekarar karatu gaba ɗaya ake biya, ba na wata ko na samista ba. Ma'ana samistar farko tana ɗauke da nauyin ɗakin samista biyu. Iyayen da suka raba kuɗin shekara gida biyu daidai-wa-daida suna jefa yaro cikin ƙunci a farko ba tare da sun sani ba. Ka yi musu wannan bayani kafin ka baro gida, ya fi sauƙi a kan ka yi shi ta waya kana bakin ƙofar mai hostal.

Farashi yana tafiya ne da yawan mutanen ɗaki da kuma kusanci da ƙofar makaranta. Ɗakin mutum huɗu shi ne mai araha, na mutum ɗaya kuwa yana iya ninka shi sau biyu ko uku. Ɗalibinmu ya kama gado a ɗakin mutum huɗu a Ayeduase a kan sidi 7,000 na shekara, inda zai taka da ƙafa zuwa aji.

Ya ga wani ɗakin a nesa a kan 5,500, kuma a ido ragin 1,500 ba wasa ba ne. Amma daga can sai ya shiga mota, a ce sidi 10 zuwa da dawowa. Kwana 5 a mako, mako 32 na samista biyu, sidi 1,600 ke nan, ban da ranakun da zai koma karatun dare ko ruwan sama ya tilasta masa ɗaukar tasi. Ɗakin araha ya zama mai tsada. Duk ɗakin da aka nuna maka, ka ɗora masa kuɗin motarsa na shekara kafin ka kwatanta shi da wani.

Kafin ka biya, ka je da ƙafarka, ka samu ɗalibin da ya kwana a gidan bara, ba mai kula da gidan ba, ka tambaye shi abu huɗu. Ruwa na famfo ne ko na burtsatse, kuma idan an ɗauke wuta tanki na kwana nawa? Wuta tana cikin kuɗin haya ko kowane ɗaki da mitarsa ta kati? An yarda a dafa abinci da gas, kuma a ina? Lokacin hutu ana barin mutum ya zauna ko ya bar kayansa, ko sai ya biya? Tambaya ta uku ita ce ta fi shafar aljihunka. Gidan da aka hana girki ya ɗora maka sayen abinci sau uku a rana har shekara ta ƙare. Ta huɗun kuma ta fi damun baƙo, domin 'yan ƙasa suna da inda za su kai akwatinsu, kai ba ka da shi.

Gargaɗi: kada ka tura kuɗin kama ɗaki ta MoMo ga dillalin da ka gani a intanet kana can gida. Hoton ɗaki ba ɗaki ba ne. Ka biya a asusun hostal ɗin ko a ofishinsa, a ba ka rasit mai sunanka da lambar ɗaki da ranar da hayar za ta ƙare. Idan da dillali a tsakani, a yanke ladansa a fili kafin ya nuna maka ko'ina.

Wasu sukan zaɓi ɗaki a gidan haya cikin 'yan'uwa a Aboabo ko Asawase ko Zangon Ayigya, don kusanci da masallaci da abincin da suka saba. Akwai daɗin zama, amma ka sani mai gida na iya neman kuɗin shekara ɗaya ko biyu a dunƙule, duk da cewa dokar haya ta 1963 ta taƙaita abin da za a karɓa gaba a wata shida. Ɗakin kuma fanko ne, katifa da fanka da labule duk a kanka. A shekarar farko ban cika ba da shawararsa ba. Bari ka san garin tukuna.

4. Kayan fara zama

Tukunya biyu, ƙaramar tukunyar gas da murhunta, bokiti, gidan sauro, zanin gado, kwado mai kyau, fitila mai caji saboda ranakun ɗauke wuta da ake kira dumso, da abin kare na'ura daga hawa da saukar wuta. Ɗalibinmu ya kashe sidi 1,260. A babbar kasuwar Kejetia ya saya, ba a shagunan bakin makaranta ba, kuma ya haɗa kuɗin tukunyar gas da abokin ɗakinsa. Ɗaliban da suka gama karatu sukan sayar da nasu da araha, ka tambaya a masallacin makaranta.

A nan ka kiyayi wani ruɗani. Tun Yulin 2007 aka sauya kuɗin Ghana, tsohon sidi 10,000 ya koma sabon sidi 1, amma har yau wasu dattawan kasuwa da tsohon lissafi suke magana. Idan wata Hajiya ta ce maka miliyan ɗaya, sidi 100 take nufi. Ka ce mata, Hajiya, a sabon kuɗi nawa ke nan? Ba abin kunya ba ne.

Zuwa nan ɗalibinmu ya fitar da 1,440 da 1,500 da 7,000 da 1,260, jimla 11,200. Daga 24,000 saura 12,800, kuma bai ci ko loma ɗaya ba.

5. Ware na komawa gida da na ko-ta-kwana, ka kulle

Yawancin ɗalibai sukan ce abin da ya rage a ƙarshen wata shi ne ajiya. Ba abin da ke ragewa. Ajiya kafin cefane ake cire ta.

Na farko kuɗin komawa. Ko da an yi maka alkawarin za a turo idan lokaci ya yi, ka riƙe abin da zai kai ka gida ta mota, domin rasuwa ko rashin lafiya a gida ba sa jiran ƙarshen samista. Wanda zai bi ta Aflao, garin iyakar Ghana da Togo, ya ratsa Togo da Benin ya san akwai 'yan kashe-kashe a kowace iyaka ban da kuɗin tikiti, kuma katin rigakafin shawara ya kasance tare da fasfo. Ɗalibinmu ya ware 1,500. Saura 11,300.

Na biyu kuɗin ko-ta-kwana, kashi 10 cikin 100 na dukan abin da aka ba ka, ba na abin da ya rage ba. A nan sidi 2,400 ne, dala 200 cif, takarda biyu. Saura 8,900. Ka rubuta wa kanka tun yau abin da ya cancanci a taɓa su: rashin lafiya, sata ko lalacewar waya ko kwamfutar da kake karatu da ita, matsalar takardu da za ta kai ka Accra, misali fasfo ya ɓata sai ka je ofishin jakadanci, da jinkirin turo kuɗi daga gida. Ɗinkin Sallah ba ya ciki. Bikin abokin aji ba ya ciki. Rance ga aboki ma ba ya ciki, kuma hanya mafi sauƙi ta kauce wa wannan ita ce kada kowa a ɗakin ya san da su.

Inda za a ajiye su shi ne inda hannu ba ya kaiwa cikin minti ɗaya. Asusun banki wanda ba ka yawo da katinsa ya yi. Idan a dala ne, amintaccen dattijo da iyayenka suka haɗa ka da shi a gari ya fi ƙasan katifar ɗakin mutum huɗu, amma a rubuta adadin, kai da shi da mahaifinka kowa ya sani. Kada su zauna a MoMo ɗin da kake sayen ƙosai da shi.

Zazzaɓin cizon sauro shi ne abin da ya fi cin wannan asusu. Ka duba takardar kuɗin makarantarka ka ga ko akwai kuɗin asibiti a ciki, ka yi rajista a asibitin jami'a tun kana lafiya. Idan za ka yi inshorar lafiya ta ƙasa, NHIS, ka yi da wuri, domin sabon kati ba ya fara aiki ranar da aka yi shi, kuma ba kowane magani yake ɗauka ba. In zazzaɓi ya zo, a yi gwaji kafin a sayi magani. Sayen magani a kan zato sau biyu ya fi gwaji ɗaya tsada.

Akwai kuma ƙananan kuɗaɗen karatu da ba na ba-zata ba ne, mantawa kawai ake yi da su: kwafin darasi, buga aikin gida, kuɗin ƙungiyar sashe, kayan ɗakin gwaji. Ɗalibinmu ya ware musu 500. Saura 8,400. Waɗannan su ne kuɗin da zai rayu a kai.

6. Raba sauran da makonnin gaskiya

Wannan matakin gajere ne, amma a nan aka fi faɗuwa. Ɗalibi ya ji an ce samista mako 16 ce, sai ya raba da 16. Amma ya iso mako ɗaya ko biyu kafin a fara darasi, zai ƙara kwanaki bayan jarrabawa, kalandar makaranta na iya gocewa saboda yajin aiki, kuma kuɗin samista mai zuwa ba lallai su iso ranar da aka ce ba. Ka ƙirga daga ranar da ka sauka zuwa ranar da kake da tabbacin wasu kuɗin za su shigo, ka ƙara mako biyu. Ga ɗalibinmu mako 20 ne.

Sidi 8,400 a raba da 20, sidi 420 a mako. Da ya raba da 16 zai samu 525, ya ji daɗi, kuma aljihunsa ya bushe daidai lokacin da ake tsakiyar jarrabawa. Shi kuwa wanda ya raba 24,000 ɗin farko da wata huɗu ya ɗauka yana da 6,000 a wata, wannan ba a maganarsa.

A mako za ka riƙa biyan kanka, ba a wata ba. Kuskuren mako ana gane shi ranar Alhamis a gyara, na wata kuwa sai an yi nisa. Ka zaɓi rana ɗaya, a ce Asabar, ka turo 420 daga banki zuwa MoMo ko ka cire su a hannu. Ɗalibinmu ya raba su haka: abinci 260, wuta da data da gas 80, mota 50, sabulu da aski da sadakar Juma'a 30.

Cire kuɗi a wurin wakilin MoMo yana cin kusan kashi 1 cikin 100. Harajin turawa da aka sa a 2022 an soke shi a 2025, amma kuɗin kamfanin waya yana nan. Inda mai shago ke karɓar MoMo kai tsaye, ka biya ta nan.

Gargaɗi: za a kira ka a ce an turo maka kuɗi bisa kuskure, ka taimaka ka mayar, har da saƙon da ya yi kama da na gaske. Kada ka duba saƙon, ka danna `*170#` ka duba abin da ke asusunka da kanka. Kada ka sa lambar sirrinka a kan wata buƙata da ta faɗo allon wayarka alhali ba kai ka nema ba, kuma kada ka kunna `Allow Cash Out` sai kana tsaye a gaban wakili.

7. Abinci

Sidi 260 a mako sidi 37 ne a rana. Idan kwanon wake da shinkafa mai ƙwai ko kifi, wanda a nan ake kira waakye, ya kai sidi 20 zuwa 25, cin waje sau uku zai kama 60 zuwa 75 a rana, wato 420 zuwa 525 a mako. Kuɗin makon gaba ɗaya ke nan ko fiye, ba mota ba data. Lissafin da kansa ya nuna cewa sai an yi girki.

Hanyar ita ce a haɗa kuɗin abincin mako huɗu, sidi 1,040, a raba biyu. Sidi 600 na busassun kaya ne da za a saya sau ɗaya a wata a babbar kasuwa: shinkafa, wake, garin rogo, taliya, mai, tumatirin gwangwani, sukari, ganyen shayi, busasshen kifi da barkono. A nan da olonka ake awo, wani gwangwani da ke matsayin mudu, kuma wanda ya sayi olonka guda ya fi mai sayen ƙulli-ƙulli a bakin hostal riba nesa ba kusa ba. A makon da ka yi wannan sayayya za ka ciri 600 gaba, sannan kuɗin abincin kowane mako su koma 110. Waɗannan na kayan miya ne da burodi da ƙwai da ruwan sha, da cin waje sau biyu ko uku don kada rai ya gundura.

Ruwan leda ka saye shi a jaka mai ƙwaya 30, kada ka riƙa sayen ɗaiɗai a hanya. Karin safe da kokon Hausa da ƙosai yana cikin mafi arahar abin da za ka samu a garin, kuma ko'ina akwai shi. Ranar Lahadi ka dafa miya mai yawa da wake, su kai ka Laraba. Amma kada ka cika firjin hostal da nama na mako biyu, domin dare ɗaya na rashin wuta ya isa ya lalata shi.

Girkin haɗaka da abokan ɗaki yana rage kuɗi sosai idan an yi ƙa'ida tun ranar farko: kowa ya zuba daidai, a ranar da aka sa, kafin a je kasuwa. Inda aka ce kai ka saya za mu ba ka, nan rigima ke farawa. Nama kuwa, yawancin mahautan garin mutanenmu ne, don haka samun na halal ba wuya, sai dai idan za ka ci a shagon abinci da ba ka sani ba, ka tambayi irin naman da ke cikin miyar.

Idan azumi ya faɗo cikin samistar, kada ka ɗauka kuɗin abinci za su ragu. Kayan buɗa-baki da 'ya'yan itace da ƙanƙara sukan cinye abin da aka rage na rana. Mutanen Zango ba sa barin baƙo da yunwa, za a gayyace ka, ka je. Sai dai ba a gina kasafi a kan tukunyar wani, kuma wanda ya ci na mutane zai kai gudummawa ranar suna ko biki, ya tanadi wannan daga cikin sidi 30 ɗin nan.

8. Mota

Wanda ya bi mataki na uku ya riga ya gama da yawancin wannan. Sidi 50 na ɗalibinmu na zuwa kasuwa ne da Juma'a a gari da ziyara ɗaya. Turoturo, wato ƙaramar bas ta haya, daga mahaɗar Tek da ke bakin makaranta zuwa Kejetia ko Adum shi ne mafi araha, kuma farashinsa a yanke yake, ƙungiyar direbobi ke sanar da shi idan an ƙara. Ka lura da abin da na kusa da kai ya miƙa wa yaron mota, ka riƙe ƙananan kuɗi. A tasi ka bambance ta haɗaka da wadda ka ɗauka kai kaɗai. Idan ka shiga fanko ka faɗi inda za ka ba tare da ka tambaya ba, direba zai ɗauka shata ka yi. Keke mai ƙafa uku, faragiya, a yi ciniki kafin a hau.

Motocin manhaja irin su Bolt da Yango suna aiki a garin, kuma su ne ke huda aljihun ɗalibi a ɓoye, domin tafiya ɗaya na iya cinye kuɗin motar mako. Ka bar su don dare, ko ranar da ka ɗauko kayan wata daga kasuwa, ku uku ku raba kuɗin. Ga 'yan'uwa mata da ke dawowa daga karatun dare, wannan ba almubazzaranci ba ne, a sa shi a kasafi tun farko ko da za a rage wani wuri.

9. Duba lissafi a mako na 4 da na 10

Ba sai ka rubuta kowace fesuwa har ƙarshen samista ba, ba mai jurewa. Ka rubuta komai a mako biyun farko don ka san inda kuɗinka ke zuwa, daga nan ka koma duba abu ɗaya: abin da ya rage a asusu, a raba da makonnin da suka rage.

A ƙarshen mako na 4 ya kamata ɗalibinmu ya ga 6,720. A ce ya tarar da 6,240. Ya zarce da 480, wato 120 kowane mako. Idan ya ci gaba a haka yana kashe 540, kuɗin za su ƙare kafin mako na 16 ya cika. Gyaran shi ne ya raba 6,240 da mako 16 da suka rage, sabon kuɗin makonsa ya zama 390. Ragin sidi 30 ne kawai, ana iya cire shi daga data da cin waje. Da sai a mako na 10 ya farga, zai tarar da 3,000 maimakon 4,200, ya koma rayuwa a kan 300 a mako, ragin da dole ya taɓa abinci.

Alamun da ke nuna an fara zamewa kafin ma a yi lissafi su ne kuɗin mako su ƙare ranar Laraba sau biyu a jere, ko gas ya wuce wata biyu bai ƙare ba, wanda ke nufin ba a girki, ko ka fara cewa bari in ara daga na ko-ta-kwana in mayar. Idan gibin ya fi ƙarfin gyara, misali farashin kaya ya tashi da gaske kamar yadda ya faru a ƙarshen 2022 lokacin da hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin 100, ka kira gida da wuri, da takardar lissafinka a hannu. Uban da aka nuna wa alƙaluma a mako na 6 yana da lokacin nema. Wanda aka kira ana gobe jarrabawa sai dai ya ci bashi.

10. Samista ta biyu

Idan an sake turo dala 2,000, ɗalibinmu zai ga kamar ya yi arziki, domin babu haya, babu kati da izinin zama, babu kayan fara zama, 11,200 sun sauka daga kansa. Ba rara ba ce. Hostal masu kyau ana fara kama su ne tun kafin shekarar karatu ta ƙare, kuma sau da yawa da ƙarin farashi. Katin baƙi zai nemi kuɗin sabuntawa, izinin zama ma yana da ranar ƙarewa, ka duba ta a fasfo ka rubuta a inda za ka gani. Ranar da kuɗin suka shigo, ya cire hayar baɗi da ɗan ƙari a kai, ya cire na takardu, ya cike asusun ko-ta-kwana idan an taɓa shi, sannan ya koma mataki na shida ya ƙirga makonni.